Ribar da ke kwance a sito: me za mu kira hanyoyin lissafi biyun nan da Hausa?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ina koyar da akanta da yamma, kuma ɗalibaina sun haddace abzofshan kostin da bariyabul kostin amma ba su san abin da ya raba su ba. Ina neman sunayen Hausa da za su nuna aikin da kansu. Ga misalin da nake ba su. Masana'antar bokitin roba ta buga 10,000 a wata, ta sayar da 8,000 a kan ₦1,500 kowanne. Kowane bokiti yana cin ₦900 na roba da wuta da ladan masu bugawa. Hayar masana'anta da albashin mai kula da inji ₦2,000,000 ne, a buga ko kada a buga. Ofis yana cin ₦500,000. Hanya ɗaya ta ba da riba ₦2,700,000, ɗayar ₦2,300,000.

Hajiya Binta: Malam, ni a shagona riba ɗaya na sani. Cikin biyun akwai wanda ya yi kuskure, ko kuma wani ya ci ₦400,000.

Baba Audu: Ba wanda ya ci, Hajiya. Na yi shekaru ina rufe littafin masana'anta a Sharaɗa. A hanya ta farko ana raba ₦2,000,000 ɗin a kan duk bokitin da aka buga, kowanne ya ɗauki ₦200, kuɗinsa ya koma ₦1,100. Guda 8,000 sun ci ₦8,800,000. A cire daga cinikin ₦12,000,000, a cire na ofis, saura ₦2,700,000. A ta biyu ₦900 kaɗai ake ɗora wa bokiti, wato ₦7,200,000, sannan a zabge hayar da albashin gaba ɗaya a watan, da na ofis, saura ₦2,300,000. To, ki leƙa sito. Bokiti 2,000 na nan a jere ba a sayar ba, kuma a hanya ta farko kowanne yana goye da ₦200 na haya da albashi da ba a cire daga ribar watan ba:

2,300,000 + (2,000 × 200) = 2,700,000

Shi ya sa nake kiran ta farko lissafin goyo. Kaya ne ya goya kuɗin haya ya shiga da shi sito, ba zai sauke ba sai ranar da aka sayar da shi.

Usman: Baba, goyo ya yi daɗi, amma me zai hana mu ce lissafin shanyewa, tunda ma'anar kalmar abzofshan ke nan? Ta biyun kuma lissafin kuɗi mai canzawa.

Baba Audu: Abin da aka shanye ya tafi, ɗana. Wannan kuwa yana dawowa. Wata mai zuwa in aka buga 10,000 aka sayar da 12,000, goyon ₦400,000 zai sauka, ribar hanya ta farko ta gaza ta biyu da daidai wannan adadi. In bugu da sayarwa sun yi daidai, kuma ₦200 ɗin bai sauya ba, ribar ɗaya ce.

Malam Sani: Mai canzawa ɗin ma na gwada shi a aji, Usman. Wata ɗaliba ta sa haya a ciki, ta ce ai mai gida yana ƙarawa duk shekara. Ban ga laifinta ba, sunan ne ya ɓatar da ita. Abin nufi shi ne kuɗin da ke hawa da sauka tare da yawan abin da aka buga. Ina tunanin kuɗin bi-kaya, kishiyarsa zaunannen kuɗi, hanyar kuma lissafin bi-kaya.

Rabi'u, Maraɗi: Mu da muka yi karatu da Faransanci, sunan da muka sani yana nufin cikakken kuɗi. Ba zai yi wa ta farkon ba?

Baba Audu: Zai ruɗa yara, don ₦500,000 na ofis ba ya hawa bayan bokiti, a watansa ake cire shi a hanyoyin biyu. Na masana'anta kaɗai ake goyawa. Abin da ke damuna shi ne mai kuɗi ya san haɗarin. Na ga manajan da ake ba lada a kan riba ya sa inji ya kwana yana bugu, sito ya cika har bakin ƙofa, riba ta hau a takarda, aljihu babu komai. Alamar a fili take: ciniki na tsaye, riba na hawa, kaya na taruwa.

Hajiya Binta: To a watsar da goyon mana.

Malam Sani: Ba dama, Hajiya. Ƙa'idar akanta ta duniya kan kayan sito, wato IAS 2, ta wajabta a saka zaunannen kuɗin masana'anta cikin darajar kayan sito a rahoton da ake fitarwa, bisa abin da masana'anta ta saba bugawa. Bi-kaya na cikin gida ne, don yanke shawara. Na karɓi goyo da bi-kaya. Saura layin da Baba ya rubuta ya haɗa ribar biyu. Daidaita riba za mu ce?

Usman: Daidaita kamar an taɓa alƙaluman ne, Malam. Ni na fi son sasanta riba.

Baba Audu: Sasantawa sai an yi faɗa. Ku ba ni zuwa gobe.