Farashi ya fasa shinge amma ciniki bai ƙaru ba: me kuka gani?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka daɗe a kirifto, ku ba mu abin da kuka gani da idonku. In farashi ya haye inda ya saba tsayawa amma sandunan `Volume` na ƙasan allo, masu nuna yawan ciniki, gajeru ne, ana yarda da hawan?

Dogo: Wa alaikumus salam. Ni dai ba na yarda. Akwai wani koyin da na sa wa ido a kyandir na awa 4, wato alamar da ke nuna motsin farashi na kowace awa 4, kullum ya taɓa dala 2 sai ya dawo. Matsakaicin cinikin kyandir 20 na baya kusan koyin miliyan 5 ne. Ranar da ya rufe a 2.08, sandar ba ta ma kai miliyan 3 ba. Abin da na fahimta, masu sayarwa ne suka ɗan ja da baya, masu saye ba su ƙaru ba. Da suka dawo da kayansu, kafin gari ya waye farashin ya koma 1.90. Daga baya da ya fasa da gaske, sandar ta ninka matsakaicin, kuma da ya sauko ya sake taɓa dala 2 cinikin ya yi ƙasa sosai, babu mai gaggawar sayarwa. Wannan saukowar ta fi fasawar kwantar min da hankali.

'Yar Kasuwa: Haka ne malam. Ni koriyar sanda nake jira, tunda ita ke nuna masu saye sun fi yawa.

Malamin Lissafi: A'a hajiya, a nan akwai gyara. Duk koyin da aka saya wani ne ya sayar. Launin sandar yana bin rufewar farashi ne kawai, tsayinta ne ke da magana. Kuma doguwar sanda ba kullum take nufin tafiyar za ta ci gaba ba. Ina gaban allo ranar 19 ga Mayu 2021 da Bitcoin ya faɗi zuwa wajen dala 30,000. Cinikin ranar ya yi tashin gwauron zabo, da yawansa na waɗanda aka rufe wa ciniki na bashi ne da ƙarfin tsiya, kuma a ranar farashin ya farfaɗo da dubbai. Sanda irin wannan bayan doguwar faɗuwa takan nuna masu sayarwa sun kusa ƙarewa.

Mai Haƙuri: Nawa koyin cinikinsa ya ninka jiya amma farashi ko motsi. In ƙara saye?

Dogo: Duba shi a wata kasuwar tukuna. A 2019 kamfanin Bitwise ya shaida wa hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka cewa kusan kashi 95 cikin 100 na cinikin Bitcoin da ake bayyanawa na bogi ne. In a kasuwa ɗaya kaɗai ya ninka, ina zargin wani ne ke saye daga hannun kansa.

Malamin Lissafi: Ko kuma wani babba ne ke shanye duk abin da aka zubo. Sandar ita kaɗai ba za ta raba maka biyun ba. A wace kasuwa ka gani, kuma kyandir na awa nawa?