Neman kalmar Hausa: rubutun ƙasan bidiyo da kalmomin da ake sa wa #

Sadiya, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. Muna da ƙaramar ƙungiya ta masu wasan barkwanci, kuma ni ke rubuta abin da ake sa wa a ƙasan kowane bidiyo kafin a ɗora. Yaran namu kafshan suke ce masa, kalmomin da ke bin bayansa kuma hashtak. Ina rubuta musu takardar yadda za su riƙa aikin da Hausa, sai na tsaya a kan waɗannan biyun. Ga wanda ke hannuna yanzu, na daƙiƙa 30. Fasinja ya shiga keke daga Kawo zuwa Tudun Wada, da aka iso ya ce ba shi da kuɗi a hannu amma ya yi transfa. Mai keke ya duba waya, shiru. Fasinja ya ce netwok ne, kuɗin suna hanya. Mai keke bai ce komai ba, ya juya kan keke ya nufi Kawo da shi, yana cewa in kuɗin sun iso kai ma ka iso. Me zan kira rubutun da ke ƙasan wannan, kuma me zan kira kalmomin masu alamar #?

Bala mai haɗa bidiyo: Wa alaikumus salam, Anti Sadiya. Ai wannan fassara ce. Maganar 'yan wasa da ke fitowa a rubuce a ƙasa, kamar a finafinan Kannywood. A manhajar haɗa bidiyo ta CapCut ma `Captions` aka rubuta a wurin. Ki ce fassarar ƙasa kawai.

Sadiya: Bala, ba shi nake nufi ba, amma ka taɓo inda ruɗanin yake. Rubutu uku ne a bidiyo ɗaya. Akwai maganar 'yan wasa a rubuce, wadda kake faɗa. Akwai wanda ake manna wa a kan hoton kansa, yana tafiya da bidiyon duk inda aka tura shi. Sai na uku, wanda ake bugawa a akwatin TikTok ko Instagram lokacin ɗorawa, yana zama kusa da sunan mai shafi. In wani ya sauke bidiyon ya tura a WhatsApp, na ukun nan ba ya binsa. Turanci ya haɗa na farko da na uku a kalma guda, shi ya sa in na ce wa yaro gyara kafshan sai ya tambaye ni wanne.

Malam Habu, Tudun Wada: 'Yata, na yi shekaru ina aikin fassarar labarai, kuma abin da muke ce wa rubutun ƙasan hoto a jarida shi ne bayanin hoto. To amma da na karanta wasan naki sai na ga bayani ba zai yi ba. Bayanin hoto aikinsa ya faɗi komai: wane ne, a ina, yaushe. Naki kuwa in ya faɗi komai ya kashe wasan. Yaron da kika ce wa rubuta bayani, bayani zai rubuta miki, ya ce mai keke ya mayar da fasinja Kawo saboda transfa ba ta shigo ba. Wanda ya karanta haka ya gama kallo tun bai fara ba.

Ni ina ba da shawarar take. Muna da kalmar tun da, muna cewa littafi mai taken kaza, taro mai taken kaza. Kafin wannan ma akwai taken makaɗa: in an kaɗa taken ɗan dambe ko na basarake, kowa ya san wanda ke tafe, amma ba a ba da labarin yadda za ta kaya ba. Gajere ne, yana zaburarwa, yana sa a waiwayo. Abin da kike so rubutun nan ya yi ke nan.

Sadiya: Allah ya ƙara girma, Baba. Bayanin nan da ka kwatanta mai kashe wasa, kusan shi wani yaronmu ya kawo mini, har da fuskokin dariya guda shida a gaba. Na canza shi zuwa wannan:

```
Ya ce kuɗin suna hanya. Mai keke ya yarda.
#barkwanci #hausa #kaduna #keke
```

Dalilina shi ne a waya layi ɗaya ko biyu kawai ke fitowa, sauran sai an danna `more`, kuma mai latsa waya ba ya dannawa sai abin ya riga ya kama shi. Don haka duk nauyin yana kan kalmomin farko. "Ya yarda" na sa da gangan, domin duk wanda ya taɓa hawa keke a garin nan ya san ba haka nan ake yarda ba, sai ya tsaya ya ga yadda aka yi. Dariyar tana wajen daƙiƙa ta 25, ba na so a san da ita kafin nan.

Hajiya Binta, Barnawa: Ni fa take bai kwanta mini ba, Malam, ka yi haƙuri. A YouTube akwai akwatin `Title` mai ɗaukar haruffa 100, akwai kuma na `Description` daban. In muka ba kafshan sunan take, me za mu ce wa na farkon? Ni ina sayar da atamfa da leshi a Instagram, kuma abin da nake rubutawa a ƙasan hoto yakan kai layi goma: yadi nawa, farashi, yadda ake aikawa. Wannan ai ya wuce take. Rubutun rakiya nake ce masa, tunda rakiyar hoton yake yi.

Malam Habu: Kina da gaskiya a naki fannin, Hajiya. Instagram yana ba da wuri har haruffa 2,200, kuma wanda ya cika wurin da farashi da adireshi ba take ya rubuta ba. Rubutun rakiya ya dace da duka akwatin. Amma tambayar 'yar nan a kan wasan daƙiƙa 30 ce, inda rubutun bai kamata ya wuce numfashi ɗaya ba. Batun YouTube kuwa, a gajerun bidiyonsa na Shorts abin da mai kallo ke gani a ƙasa shi ne wannan `Title` ɗin, wato shi ke yin aikin da kafshan ke yi a TikTok. Kin ga take ya ɗauke su duka biyun. Ba dole ba ne kowace kalmar Turanci ta sami kalmar Hausa ɗaya tak da za ta bi ta ko'ina.

Nura, Kawo: Ku bar ni da ta biyun. Hashtak an riga an gama da shi, maudu'i ne. Haka BBC Hausa ke rubutawa, maudu'in #EndSARS, maudu'in #BringBackOurGirls. Me ya sa za mu sake lale?

Sadiya: Yaya Nura, na gwada shi, kuma a labarai yana zama daram, domin #BringBackOurGirls a 2014 da #EndSARS a 2020 batutuwa ne da jama'a suka taru a kai suna magana. Amma dubi nawa. #kaduna ba maudu'i ba ne, wuri ne. #hausa harshe ne. Da na ce wa yara su sa maudu'i huɗu, ɗaya ya tambaye ni ai wasan maudu'i ɗaya gare shi, rikicin transfa. Kuma bai yi kuskure ba.

Malam Habu: Asalin abin ma ba don muhawara aka ƙirƙiro shi ba. Wani mai suna Chris Messina ne ya kawo shawarar a Twitter a watan Agustan 2007, don a riƙa tara saƙonnin masu magana kan abu ɗaya a wuri guda, misalin da ya bayar kuwa #barcamp ne, sunan wani taro. Aikinsa tarawa ne da rarrabewa. Kalmar da za mu zaɓa ya kamata ta nuna hakan.

Bala: Mu a shago alamar tsani muke cewa in muna koya wa dattijo duba kati, ya danna `*310#`. Wasu kuma hash kawai suke cewa, kowa ya gane.

Nura: Tsani sunan alamar ce kaɗai, Bala. Ana neman sunan alamar da kalmar a haɗe. Ni dai in ba maudu'i ba, to a bar hashtak yadda yake, kamar yadda muka karɓi mota da rediyo ba wanda ya mutu.

Hajiya Binta: Akwai abin da ya fi sunan damuna, tunda an zo wurin. Na taɓa sa #'yankaduna a ƙasan hoto, ban ga ya zama abin dannawa ba. Laifin wayata ne?

Sadiya: Ba wayarki ba ce, Hajiya. Hashtak yana yankewa duk inda ya ci karo da tazara ko alamar rubutu, kuma ɗan waƙafin saman nan na 'yan da 'ya'ya da sana'a yana cikinsu. Naki ya zo daidai bayan alamar, don haka bai ma fara ba. In kika rubuta #sana'a, abin da za a ɗauka #sana ne, sauran ya zama rubutu kawai. Yadda za ki gane shi ne ki duba bayan kin ɗora, ki danna ki ga shafin da ya kai ki. Shi ya sa mutane ke rubuta #yankaduna.

Haruffa masu lanƙwasa kuma nasu daban ne. Suna shiga, amma ƙ da k ba harafi ɗaya ba ne a wurin na'ura, don haka #ƙauye da #kauye za su iya kai ki wurare biyu, kuma yawancin mutane mara lanƙwasa suke bugawa domin shi ke kan madannin wayarsu. Wannan yana yi mini ciwo, domin ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne. Abin da nake yi shi ne a cikin jimla ina rubuta Hausa daidai, kuɗi da ɗ ɗinsa, a hashtak kuma ina bin abin da mutane ke bugawa. Manyan haruffa ba sa canza komai, #BarkwancinHausa da #barkwancinhausa wuri ɗaya ne, na farkon dai ya fi sauƙin karantawa.

Malam Habu: A Nijar ƴ suke rubutawa a inda muke sa 'y, harafi ɗaya ne cikakke, ba ya yanke kalma. Sai dai mutanenmu ba su saba nemansa ba. Game da suna, ga tawa: shaida. Buhun da aka yi wa shaida a tasha ana gane inda za shi ba sai an kwance ba. A ce take ɗaya, shaida huɗu.

Nura: Ranka ya daɗe, shaida kotu za ta tuna wa mutane, ko takardar makaranta. In na ce wa abokina wace shaida ka sa, zai ɗauka rigima ake.

Hajiya Binta: Ni ma kunnena bai karɓe ta ba tukuna, ko da yake ma'anar ta fito.

Sadiya: To ga abin da zan sa a takardar yaran. Rubutun akwatin ɗorawa: take, kada ya wuce layi biyu, kada ya faɗi ƙarshen wasa. Maganar 'yan wasa a rubuce: fassarar ƙasa in wani harshe ne, in Hausar ce kuma rubutun magana. Wanda ake mannawa a kan hoto: rubutun kan bidiyo. Na # zan rubuta hashtak a yanzu, in ƙara cewa uku zuwa biyar sun isa, kuma kowanne ya zama gaskiya game da wasan: irinsa, harshensa, garinsa, abin da ke ciki. Zan riƙa furta shaida a wurin ɗauka ranar Asabar in ji ko bakinsu zai kama. Baba, in akwai wata kalmar da 'yan tasha ko 'yan kasuwar Barci ke faɗa wa alamar da suke yi wa kaya, don Allah a tambayo mana.

Malam Habu: Lamba na fi ji a bakinsu, amma ita ma za ta rikice da lambar waya. Zan tambayi wani maƙwabcina da ke lodin kaya a Mando.