Waya tana binne mini alat ɗin banki, ina neman taimako

Assalamu alaikum jama'a. Ina sana'ar POS a Wunti, nan Bauchi, kuma wayata Samsung ce mai Android 14. Ina cikin guruf ashirin da uku na WhatsApp, na dangi, na 'yan kasuwa, har da na tsofaffin 'yan ajinmu da ba sa barci.

Shekaranjiya wani ya turo dubu arba'in da biyar, yana tsaye kaina rana na dukansa, ni kuwa ban ga alat ba. Ashe ya shigo tuntuni, wayar ta naɗe shi da tallace-tallacen manhajar bankin a layi ɗaya, na sama kawai ke fitowa. Sai da na buɗe tarin na gan shi. Kunya kamar in nutse.

Na rufe bakin yawancin guruf ɗin, ƙara ta ragu, amma naɗewar tana nan. Na kunna "Notification categories" don in kashe talla kaɗai, sai na tarar bankin ya haɗa komai a rukuni ɗaya mai suna "General". In na kashe shi, har alat ya tafi.

Akwai dabarar da za ta sa saƙon shigar kuɗi ya tsaya shi kaɗai a sama da ƙararsa daban? Ko dole in koma alat na SMS da ake cire mini kuɗi?