Takardar haihuwa ta ce Issoufou, digiri ya ce Yusuf: me za a rubuta wa rijistara?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Ƙanena ya gama karatu a wata jami'a a Najeriya, ya karɓo takardar digirinsa. A takardar haihuwa da BEPC da bak duk ISSOUFOU OUSMANE ne, amma a digirin sun buga YUSUF USMAN. Yana son kai dosiyen konkur, an ce mishi sunayen ba su haɗu ba. Wanda ya san kan wasiƙar da ake rubuta wa rijistara ya taimaka.

Malam na Zango: Wa alaikumus salam. Kafin ya rubuta ko harafi ɗaya, ya baje takardunsa na makarantar a tabarma bisa jerin shekaru: wasiƙar ba shi gurbi, fom ɗin rajistar shekarar farko, rasiɗan kuɗin makaranta, katin ɗalibi, takardar sakamako ta wucin gadi. Abin nema shi ne takarda ta farko da Issoufou ya zama Yusuf a cikinta, don ita ce za ta nuna irin wasiƙar.

In duk takardun nan Issoufou ne, sai a digirin kaɗai aka canza, kuskuren na wurin bugu ne, kuma gyaransa ya fi sauƙi. In sunan ya lalace a tsakiya, to da shi aka kai jerin masu kammalawa gaban majalisar jami'a. Mai bugu bai yi laifi ba, abin da aka ba shi ya buga, sai an koma an gyara jerin, shi ya sa wannan yake cin lokaci. Mai wuyar ita ce ta uku: yaron da hannunsa ya cika fom da Yusuf Usman tun farko, don abokai sun ce mishi haka ake rubutawa a can. Wannan a wurin jami'a ba kuskure ba ne, canjin suna ne, kuma da yawa ba sa karɓar canjin suna bayan an kammala.

Sani Mai Kanti: Ni dai abin da na sani, a Kano ko Katsina sai ya je babbar kotu ya yi takardar rantsuwa, ya buga a jarida, shi ke nan. Wuni ɗaya ya isa.

Malam na Zango: Sani, rantsuwar tana da amfani, amma ba ita ke sa a sake bugu ba. Ka kuma lura da abin da za a rubuta a ciki. Masu bugawa a bakin kotu sun saba da fom ɗin canjin suna, irin na matar da ta yi aure: dā ana kirana wane, yanzu ina so a kira ni wane. In ya sa hannu a wannan, ya ba da shaida da bakinsa cewa dā Yusuf ne. Abin da yake so shi ne rantsuwar da ke cewa sunansa Issoufou Ousmane tun haihuwa, an rubuta shi ba daidai ba a takarda mai lamba kaza, kuma mutum ɗaya ne. Jarida kuwa kada ya taɓa sai in su suka nema.

Hajiya Sakatariya: Bari in yi maganar wasiƙar kanta. Da Turancin Ingilishi za a yi, shafi ɗaya, a buga ta da na'ura. Zuwa ga rijistara, ta hannun shugaban sashen da ya karanta, don ya sa hannu cewa ya san ɗalibin. Kan wasiƙar ya ce neman gyaran suna a takardar digiri, kalmar canji kada ta fito ko sau ɗaya.

Sakin layi na farko: lambar rajistarsa, sashe, irin digirin, shekarar kammalawa, da lambar da ke jikin takardar. Da lambar rajista ake ciro fayil, ba da suna ba, ballantana sunan da ake gardama a kansa. Sai layi biyu, kowanne shi kaɗai da manyan haruffa: yadda aka buga, da yadda ya kamata. Ya faɗi wanne ne sunansa, wanne ne na mahaifi, don mu nan wata takardar takan fara da na mahaifi, in bai bayyana ba sai su gyara haruffa su juya jeri. Ya ƙara jimla ɗaya cewa shi ɗan Nijar ne, sunayenmu da rubutun Faransanci suke a takardun gwamnati, kuma ba a karɓar wani rubutun. Ma'aikacin can in ya ga Ousmane da Usman abu ɗaya yake gani, sai an gaya mishi dalili.

A ƙasa ya jera abin da ya haɗa, da lamba: kwafin digiri, wasiƙar gurbi, fom ɗin rajista, shafin fasfo, takardar haihuwa da fassararta. Fasfo ya fi ƙarfi a idonsu tunda ba ya buƙatar fassara. Ban da labarin wahala, ban da zargin kowa. Ya sa lambar wayar da za ta shiga daga can.

Ya yi kwafi biyu, a buga mishi hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ya riƙe. Wasiƙar da ba ta da wannan hatimi, in ta ɓace, kamar ba a kai ba.

Abdu Garin Malam: Ai ba sai an je nesa ba. Ya rubuta wa rektar ta hannun shugaban tsangaya, ya ajiye a ofishin sikolarite, su ke riƙe da dosiyen ɗalibai.

Ɗan Birni: Yaya Abdu, wannan tsarin jami'o'inmu ne na nan gida. Shi a ƙetaren iyaka ya yi.

Abdu Garin Malam: Af, ban karanta da kyau ba. To me zai hana ya je kotu nan Damagaram a mayar da takardar haihuwar Yusuf? Ya huta da hanyar Matamai.

Hajiya Sakatariya: A'a, Abdu. Ya gyara ɗaya ya ɓata huɗu: BEPC, bak, takardar zama ɗan ƙasa, fasfo. Abin da zai iya nema a nan shi ne takardar shaidar cewa masu sunayen biyu mutum ɗaya ne, ya tambayi masu karɓar dosiyen ko za su amsa da ita kafin gyara ya fito. Wasu na amsa, wasu na cewa sai digirin kansa.

Malam na Zango: Saura maganar asalin takardar. Ba za su buga sabuwa tsohuwa na hannunsa ba, sai ya mayar. Amma kada ya maƙala ta a wasiƙar farko, kuma kada ya ba direban tasha. Sai an amince, an faɗi kuɗin in akwai, ya biya ta hanyar makaranta ya karɓi rasiɗi, sannan ya miƙa ta hannu da hannu a rubuta mishi shaidar karɓa. Kafin nan ya yi kwafe-kwafe a buga musu hatimin tabbatarwa. Kuma ya sa a wasiƙar cewa a gyara har a takardar maki. Mutane na mantawa da ita, sai ranar neman mastar a ga digiri Issoufou, maki Yusuf.

Sani Mai Kanti: Malam, ni na ji wasu jami'o'in sau ɗaya suke buga digiri, sai dai su ba ka wasiƙar shaida.

Malam na Zango: Akwai masu haka, musamman in laifin na ɗalibi ne. Shi ya sa a ƙarshen wasiƙar ya roƙi abu biyu: sabon bugu, da wasiƙar rijistara mai hatimi da ke shaida sunan daidai, ya riƙa aiki da ita kafin nan.

Ɗan Birni: Mun baje takardun yanzu. Wasiƙar gurbi Issoufou Ousmane ce. Fom ɗin shekarar farko bai gan shi ba. Katin ɗalibi Yusuf Usman, kuma ya ce tun aji ɗaya haka yake, bai kula ba.

Hajiya Sakatariya: To fom ɗin nan shi ne alƙalin. Akwai kwafinsa a fayil ɗinsa a sashensu. Ya fara zuwa ya gani da idonsa abin da ya rubuta, kafin a buga wasiƙar.