Wa "que" ke nufi a wannan jimlar ta Sifaniyanci?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon Sifaniyanci. Wata jimla ce ta tsaya min a wuya, don Allah a taimaka.

Ina so in ce na yi magana da 'yar malamin, wadda take zaune a Madrid. Abin da na rubuta shi ne:

```
Hablé con la hija del profesor, que vive en Madrid.
```

Matsalar ita ce que ba ya nuna jinsi, mai karatu ba zai san ko 'yar ce a Madrid ko mahaifinta ba. Na gwada quien, tunda mutum ake nufi kuma akwai waƙafi, sai na ga bai raba gardamar ba: yana da jam'i, quienes, amma bai bambanta mace da namiji. Da na sa la cual, nan take magana ta fito, kamar yadda wadda da wanda suke raba mana a Hausa. To amma an ce min el cual ya fi zama a rubutu da jawabi, a hira yana da nauyi a baki. Shin la cual ɗin ce kaɗai mafita, ko a baka sake gina jimlar ake yi?

Sannan idan duka biyun maza ne, misali el hijo del profesor, ai el cual ma bai warware komai ba. Me ake yi a nan?

Ɗan ƙari kan cuyo. Na fahimci yana bin jinsin abin da aka mallaka ne, shi ya sa ake cewa el profesor cuya hija vive en Madrid. Amma ina jin masu harshen suna cewa que su hija. A jarrabawa za a ɗauke shi kuskure ne?

Na gode.