Hotunan da ake turo min a WhatsApp: in sayi iPhone ko wayata ta isa?

Sale_Pantami

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai lalurar gani ne, shekara huɗu ke nan hawan jinin ido ya rufe min gani, sai haske da duhu kawai nake bambancewa. Ina riƙe da Tecno mai RAM 4GB, ina aiki da TalkBack mai karanta min abin da ke kan sikirin, saƙon rubutu da na murya ba su ba ni wahala. Inda gizo ke saƙa shi ne hoto. A guruf ɗin danginmu kullum sai an turo katin ɗaurin aure, ko hoton jariri, ko rasit, ni kuwa abin da wayar ke ce min kawai shi ne hoto ne. Wani ya ce sai na koma iPhone. Na tara dubu 150. In saya, ko akwai yadda zan yi da wadda ke hannuna?

AbuHanifa

Wa alaikumus salam. Sayi iPhone kawai ka huta. VoiceOver, mai karanta sikirin na iPhone, ya fi komai, shi da kansa yake faɗa maka abin da ke cikin hoto. Da dubu 120 za ka samu ta hannu a kasuwar Wunti.

Danladi_Waya

Malam AbuHanifa, yaushe rabonka da kasuwar waya? Wadda za ka samu a dubu 120 tsohuwa ce mai gajiyayyen batir, kuma bayanin hoto na VoiceOver ba a kowace tsohuwar iPhone yake ba. XR tana da shi, amma mai kyau a nan Gombe ban ga ƙasa da dubu 200 ba. Ni gyaran waya nake yi, kullum a hannuna suke.

AbuHanifa

Ƙanina ya sayi XR dubu 165 kafin azumi.

Danladi_Waya

A tambaye shi ko sikirin ɗinta na asali ne.

Malama Rabi

Malam Sale, ka ajiye kuɗinka tukuna. Ina koyar da ɗalibai makafi amfani da waya, kuma yawancinsu irin wayarka ce a hannunsu.

Ka shiga Play Store ka sauke manhaja biyu, duka kyauta ne: Seeing AI ta kamfanin Microsoft, wadda ta zo Android a ƙarshen 2023, da kuma Be My Eyes. Ka buɗe kowace sau ɗaya ka ba ta izinin da ta nema. Daga nan idan hoto ya shigo WhatsApp, ka taɓa shi sau biyu ya sauka, ka sake buɗe shi ya cika sikirin, ka lalubi More options a kusurwar sama ta dama, ka zaɓi Share. Kada ka danna Forward, wannan tura wa wani ne a cikin WhatsApp, kuma a nan ɗalibai suka fi ɓata. Share ne zai kawo jerin manhajoji, sai ka nemi sunan wadda kake so a ciki.

Dalilin da na ce biyu shi ne aiki iri biyu ne, ko da yake mutane na haɗa su. Akwai karanta rubutu harafi da harafi, akwai kuma bayyana abin da ke cikin hoto. Na farkon idan ya kasa, za ka ji shirme, haruffa a cakuɗe, nan take ka san bai karantu ba. Na biyun shi ne mai daɗin saurare, zai ba ka cikakkiyar jimla, mata uku zaune a kan tabarma, ɗaya ta rungume jariri cikin farin shawul. Amma idan bai gani sosai ba, ba ya yin shiru, cike gurbin yake yi da abin da ya fi kama da gaskiya, kuma da murya ɗaya yake faɗin daidai da kuskure. Don haka hoton suna ko na biki, bayanin ya wadatar. Duk abin da ke da lamba kuwa, kwanan wata ne, lokaci ne, lambar asusu ce, sai an bi ta hanya biyu an ga sun dace.

Baban Ikram

Ni dai in za ku ji shawara, kada wanda ya dogara da waɗannan abubuwa a kan kuɗi. Wata mata makauniya a unguwarmu tana sayar da man gyaɗa, wani ya karɓi jarka biyu ya turo mata hoton rasit. Ta sa manhaja ta karanta, sunanta daidai, kuɗin daidai, har da kalmar Successful. Ta sallame shi. Har yau kuɗin bai shigo ba. Jarin nata ke nan gaba ɗaya. Da jikanta ta nuna wa da haka ba ta faru ba.

Hajiya Ummi Azare

Innalillahi. Allah ya mayar mata da alheri. Mutane ba sa tsoron Allah, har marar gani za ka cuta?

AbuHanifa

Shi ya sa na ce iPhone.

Danladi_Waya

Baban Ikram, ai jikan ma abin da zai karanto mata ke nan. Manhajar ba ta yi kuskure ba, abin da ke rubuce ta faɗa. Rasit ɗin ne na bogi, kuma masu ido biyu ma kullum ana yi musu. Hoton rasit ba shaida ba ne ko a wace waya. Shaida ita ce ka shiga manhajar bankinka ko ka danna lambar bankin ka ji kuɗin asusunka ya ƙaru. Wannan TalkBack na karanta shi kai tsaye, ba sai an bi ta hoto ba.

Baban Ikram

Kai mai gyaran waya ne, dole ka kare waya. Ka taɓa rufe ido ka yi wuni ɗaya?

Sale_Pantami

Baba a yi haƙuri, ni da nake rufe da idon ina ganin maganar Danladi a kan hanya take. Malama, na gwada yanzu da katin ɗaurin auren ɗiyar yayata. Be My Eyes ta ba ni bayani mai kyau, kati ruwan ƙasa da rubutun zinare da furanni a gefe, ta ce ƙarfe 1:00. Seeing AI kuma ta karanto sunayen a gutsure, wajen lokacin na ji kamar 11:00. Wanne zan ɗauka?

Malama Rabi

Kada ka ɗauki ko ɗaya tukuna, ai amfanin bi ta hanya biyun ke nan, ta nuna maka inda ramin yake. Katin aurenmu shi ne mafi wuyar abu ga waɗannan manhajoji. Rubutun zinare a kan ruwan ƙasa ba shi da bambancin haske, ga haruffa masu lanƙwasa, lamba 1 guda biyu a jere sai su manne su zama kamar ɗaya. Sannan WhatsApp na matse hoto kafin ya tura shi, ƙananan rubutu su ne farkon lalacewa. In kuma wani ya ɗauki hoton sikirin ne ya sake turawa, ya ƙara dusashewa.

Ka ce wa wanda ya turo ya sake turowa ta Document maimakon Gallery, ko aƙalla ya danna HD kafin ya tura. Ta Document hoton na zuwa yadda aka ɗauke shi. Ka sake gwadawa. Idan har yanzu sun saɓa, ka yi amfani da abin da ka sani: wace rana ce? In Juma'a ce, ɗaurin aure bayan an sauko masallaci abu ne sananne, in Asabar ce 11:00 na safe ya fi kama. Amma wannan ma hasashe ne, ka buga wa yayarka waya, daƙiƙa talatin ce.

Wani abu kuma, hoton da aka turo a matsayin View once ba shi da Share kuma ba a ɗaukar hoton sikirinsa, babu yadda za ka kai shi wata manhaja. Sai dai a sake turo maka na yau da kullum.

Sadiq_ATBU

Ƙari a kan na Malama, sabon TalkBack da kansa yana bayanin hoto. Ka sabunta Android Accessibility Suite, ka tsaya a kan hoton, ka taɓa sikirin da yatsu uku menu ya buɗe, ka nemi Describe image. Ya fi sauri don ba sai ka fita daga WhatsApp ba. Sai dai a wasu wayoyin bayanin gajere ne, a kan ƙaramin hoton da ke cikin hira ma ba ya gani da kyau, gara ka buɗe shi ya cika sikirin.

Kuma ka shirya wa Hausa. Ƙ da ɗ da ɓ suna yawan dawowa k da d da b, wani lokaci wata alama daban, ga muryar Turanci na furta su yadda ta ga dama. Idan suna ya rikice maka, sauya TalkBack zuwa karatun harafi-harafi. Ajami da aka rubuta da hannu kuwa kada ka ɓata datarka.

Hajiya Ummi Azare

To yana faɗin ko wane ne a hoton? Babata ce ke son sanin wane jika aka turo.

Sadiq_ATBU

Hajiya, bayanin ba ya kiran sunan mutum daga fuskarsa, sai dai ya ce yaro sanye da shuɗiyar riga. A Seeing AI akwai wajen da ake koya mata fuska, a ɗauki mutum hoto uku a sa suna. Da manya tana ƙoƙari, jarirai kuwa kamanninsu na sauyawa kowane wata.

Danladi_Waya

Tana ƙiyasin shekaru ma. An gwada a kan maigidanmu ta rage masa sha biyar, tun ranar yake cewa ba a taɓa yin manhaja mai gaskiya irinta ba.

AbuHanifa

Kada dai a gwada a kan amarya a gaban dangin ango.

Sale_Pantami

Hhh Allah ya shirye ku. To idan katin takarda ne a hannuna fa? Duk hoton da na ɗauka sai a ce min rabin tabarma na ɗauko.

Malama Rabi

Goge gilashin kyamarar da gefen riga tukuna, maiƙon yatsa kaɗai na hana karatu. Ka shimfiɗa katin a kan abu mai duhu marar zane, ban da tabarma ko atamfa. Ka lalubi inda kyamarar take a bayan wayar, ba a tsakiya take ba, tana can sama a gefe, ka ɗora ita kyamarar a tsakiyar katin, sannan ka ɗaga wayar a miƙe kamar kamu ɗaya, gwiwar hannu a kafe a kan tebur. Wajen karanta takarda Seeing AI na faɗa maka gefen da bai shigo ba, idan duka huɗun sun shigo ta ce Hold steady ta ɗauka da kanta. Tunda kana bambance haske, zauna kusa da taga da rana. Fitilar waya a kan kati mai sheƙi tana yin farin tabo, yawanci kuma daidai kan rubutun yake sauka.

Na ga ba a yi maganar data ba. Hoto ɗaya na WhatsApp yawanci bai kai rabin MB ba, cikakken bayanin dai sai da sabis. Kiran bidiyo na masu sa kai a Be My Eyes shi ne mai cin data, kuma baƙo ne zai gani, don haka katin ATM da takardar asibiti a kai wa na gida.

Baban Ikram

Duk wannan wahalar, me ya hana mai turo katin ya rubuta rana da lokaci a ƙasa? Layi biyu ne fa. Har sanarwar rasuwa yanzu sai an yi mata zane da furanni, a turo hoto ba ko kalma. Kafin mutum ya gama Share an kai gawa.

Hajiya Ummi Azare

Wallahi Baba ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Guruf ɗin makarantar yaranmu ma haka, jadawalin jarrabawa a hoto, an ɗauka a karkace da inuwar hannu a kai. Ni mai gilashi ma sai na yi ta ja da yatsa.

Sadiq_ATBU

Akwai wurin rubutu a ƙasan kowane hoto kafin a danna tura, Add a caption, mutane ne ba sa kula shi. Admin ne ya kamata ya sa doka.

Baban Ikram

Admin ɗin namu shi ne shugaban masu turo hoton.

Sale_Pantami

An sake turo katin ta Document, yanzu duka biyun sun ce 11:00, ranar Asabar. Sunan unguwar ne dai har yanzu kowace da nata, ɗaya Bolari ɗaya wani abu mai kama da Bolan. Danladi, tunda na sauke manhajojin nan TalkBack ke ɗaukewa in wayar ta jima a aljihu, daga ina wannan kuma?