Barasa da saukar sukari cikin dare

Bayan la'asar a wani zaure a Maradi, an tattauna batun da ake jin nauyin faɗa: mai ciwon sukari da ke shan barasa. Ma'aikacin jinyar da ke wurin ya ce hanta ce ke sakin sukari cikin jini idan ciki ba abinci. In barasa ta shiga, sai hanta ta shagala da ita, ta rage sakin sukarin. Mai allurar insulin ko ƙwayar gilibenkilamid, sukarinsa yana iya faɗuwa yana barci, har wayewar gari.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, alamun faɗuwar sukari, wato gumi, rawar jiki da maganar da ba kai, sun yi kama da maye, sai a ce a bar shi ya kwana. Shawarar da aka tsayar ita ce a auna sukarin jininsa. In ya gaza 70, wato 0,70 a na'urorinmu, kuma yana iya haɗiya, a jiƙa masa sukari cokali uku na shayi, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma kuwa, kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti.